Wai mene ne "fulan" ɗin gida? Ba hoton nan mai kyau ba ne fa

Kwanan nan duk wanda ya sayi fuloti sai ka ji yana cewa "an yi min fulan", har a tallan rediyo na masu sayar da filaye ana faɗa, amma in ka ce mu gani sai ya zaro waya ya nuna maka hoton gida da fenti da shuke-shuke har da mota a ƙofar gida. Wannan tiri-di ne, kuma yana da amfaninsa, mai gida da uwargida su ga yadda abin zai fito. Amma magini ba zai iya ja igiya da shi ba, kuma abin da ke damuna kenan, don na ga yara masu hazaƙa sun iya SketchUp, manhajar zana gini a kwamfuta, sosai suna juya kyamara sama su ɗauki hoto su kira shi fulan.

Fulan yanka ne. Ka ɗauki kankana ka yanke ta a kwance ka cire saman ka leƙa ciki, shi ne fulan. Ka yanke ta a tsaye daga sama zuwa ƙasa ka kalli cikin daga gefe, shi ne sekshan, kuma asalin kalmar ma daga Latin take, ma'anarta yankewa. Elebeshan ne kaɗai ba a yanka komai, tsayawa kake a waje ka kalli fuskar gidan tsaf.

Bari mu ɗauki ƙaramin gida, ɗaki biyu da falo da banɗaki, bangon waje bulo inci 9 wato 225mm. Ka gama ɗaga bango a SketchUp, ƙofa tsayinta 2100mm, taga ta fara daga 900mm. Ka ɗauko Section Plane, wato wuƙar yankan, a ƙarƙashin Tools ka ɗora a daɓe, ka kama shi da Move ka ɗaga ta kan layin shuɗi mai hawa sama ka rubuta 1200mm. Me ya sa 1200? Saboda a wannan tsayin wuƙar tana ratsa ƙofa da taga gaba ɗaya, duk su fito a matsayin gurbi a jikin bango. In ka yanka a 600 tagogi duk sun ɓace, ka ga ɗaki kamar rumbu. Kuma ko a 1200 ɗin tagar banɗaki da aka ɗaga sama ba za ta fito ba, sai ka nuna ta da ɗigo-ɗigon layi, in ba haka ba magini ya jera bulo ya toshe wurin kuma ba laifinsa ba ne.

To ga inda ake faɗuwa. SketchUp yana nuna abu ne yadda ido ke gani, na kusa ya yi girma na nesa ya ƙanƙance. In ka kalli gidan daga sama a haka, kan bango ya fi kusa da kai fiye da daɓe, sai ka ga bangwayen sun buɗe kamar bakin kwando kana hango jikinsu ta ciki. Da ka ga jikin bango a fulan to ba fulan ba ne. Maganin shi ne Camera > Parallel Projection, sannan Camera > Standard Views > Top, nan take kowane bango zai koma layi biyu kawai. Haka elebeshan, Front ko Left amma dole da Parallel Projection, in ba haka ba barandar da ta fito gaba sai ta fi bangon bayanta tsayi alhali lintal ɗinsu ɗaya. Da idona na ga wani magini yana gwada irin wannan hoton da tsinken ashana a kan takarda yana son gane tsayin ginshiƙi, wallahi sai da ya ba ni tausayi, mutum ne mai son aikinsa aka ba shi abin da ba ya aunuwa.

Sekshan shi aka fi rainawa kuma ni a wurina ya fi elebeshan faɗin gaskiya, a nan ake ganin tsayin daɓe zuwa silin da gangaren kwano da nawa aka ɗaga gidan daga ƙasa saboda ruwan damina. Ka ɗora Section Plane a jikin bango ka tura shi ciki ya ratsa ta inda akwai ƙofa da taga, kar ka zaɓi wurin da babu komai don sauƙi. In ya juya maka baya ka danna dama ka zaɓi Reverse.

Kowane ɗaya ka adana shi a Scene nasa, wato shafin da ke riƙe kallon yadda ka saita shi, don yanka ɗaya ne ke aiki a lokaci guda, kana kunna na sekshan na fulan ya mutu. Daga nan ka kai LayOut, manhajar shirya zanen SketchUp a takarda, ka saka sikeli 1:100, ɗaki mai mita 3.6 ya fito 36mm a takarda. Ka buga, ka ɗora rula a kai kafin ka miƙa wa kowa, in bai ba ka 36 ba to firinta ta matse shafin, a sake bugawa a ainihin girmansa.