Ma'anar daidaiton matsaya a fassarar bayanin taro

Daidaiton matsaya shi ne tabbatar da cewa abin da taro ya yanke ya kasance abu ɗaya a kowane harshe da aka rubuta bayanin taron da shi, ta yadda mamban da ya karanta Hausa da wanda ya karanta Faransanci za su tashi da nauyi ɗaya a wuyansu. Bayanin taro yakan ƙunshi muhawara, wato abin da wane da wane suka faɗa, sannan ya ƙunshi matsaya, wato abin da aka amince a aikata. A ɓangaren muhawara mai fassara yana da sarari, zai iya taƙaitawa ko ya sake ginin jimla domin ta yi daɗin karatu. A ɓangaren matsaya ba shi da wannan sarari ko kaɗan, domin a nan ne ake samun wanda zai yi aikin, da abin da zai yi, da adadin kuɗi, da ranar ƙarshe, da kuma ko abin wajibi ne ko zaɓi.

Na ƙarshen nan ya fi sauran saurin zamewa, kuma tarihin Afirka yana da shaida a kansa. A ranar 2 ga Mayun 1889 Sarki Menelik na Habasha ya ƙulla yarjejeniyar Wucale da Italiya cikin harsuna biyu. Sashe na 17 na rubutun Amharik ya nuna cewa sarkin yana iya bi ta hannun gwamnatin Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe idan ya ga dama, shi kuwa rubutun Italiyanci ya mayar da hakan alkawarin da ya ɗaure shi, har Italiya ta dogara da shi ta shelanta cewa Habasha tana ƙarƙashin kariyarta. Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar a 1893, rikicin kuma ya kai ga yaƙin Adwa na ranar 1 ga Maris ɗin 1896. Bayanin taron ƙungiya ba zai jawo yaƙi ba, amma tazarar da ke tsakanin "yana iya" da "dole ne" ita ce dai take raba kan mambobi.

A ɗauka akwai ƙungiyar 'yan kasuwar albasa mai mambobi 40 da ke harka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ana yin taronta da Hausa, sakatare yana rubuta bayani da Hausa, sannan a fassara shi zuwa Faransanci domin mambobin da shi suke karantawa. A zaman ranar 3 ga Maris an yanke cewa kowane mamba ya biya dala dubu biyu cikin mako biyu domin gyaran rumbun ajiya, wanda ya makara kuma ya biya tara. Duk wanda ke zaune a wurin ya fahimci abin da aka ce, amma jimlar tana ɗauke da tarko uku.

Tarkon farko kuɗin ne. A lissafin Hausar Nijar dala ɗaya tana nufin sefa biyar, saboda haka dala dubu biyu sefa 10,000 ke nan, kuma ƙungiyar tana sa ran samun sefa 400,000. Idan mai fassara bai saba da wannan lissafi ba ya rubuta sefa 2,000, mai karanta Faransanci zai zo da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake binsa, yana kuma da takarda a hannu da ke ba shi gaskiya. Da an ce jaka goma ma ba a tsira ba, domin jaka a Nijar sefa dubu ce, a Najeriya kuwa an san ta da naira ɗari biyu. Saboda haka a rubuta adadin da lambobi da kuma kalmomi, a ambaci sunan kuɗin, a bar dala da jaka ga bakin kasuwa. Rubutawa da kalmomi yana kuma kawar da ruɗanin waƙafi, tun da a rubutun Faransanci waƙafi alama ce ta ɓangaren lamba, ba ta dubbai ba.

Tarko na biyu wa'adin ne. Masu Faransanci sun saba cewa kwana goma sha biyar idan suna nufin mako biyu, kuma mai fassara nagari zai iya rubuta hakan ba tare da ya ji ya yi kuskure ba. Mako biyu daga 3 ga Maris ya kama 17 ga wata, kwana goma sha biyar kuwa wani zai ƙirga shi zuwa 18, kuma a wannan yini ɗaya ne za a ci wani tara alhali yana ganin bai makara ba. Idan aka rubuta cewa ranar ƙarshe ita ce 17 ga Maris, gardamar ta mutu.

Na uku shi ne "ya biya". A bakin Bahaushe wannan umarni ne, amma lafazin yana da taushi, kuma mai fassara da ke son ladabta jimla zai iya mayar da shi gayyata ko shawara. A ganina a nan ne ya kamata sakatare ya ajiye ladabin magana ya rubuta "wajibi ne", ko "an ba da izini", ko "an ba da shawara", ƙungiyar kuma ta tsayar da kalma ɗaya tilo a ɗaya harshen ga kowanne daga cikin ukun, a riƙa amfani da ita a kowane zama ko da maimaitawar ta gundure mai karatu.

Mafi ingancin lokacin yin wannan aiki shi ne kafin a tashi daga taron. Shugaba ya sa a rubuta matsayar da lambarta, a karanta ta da harsunan biyu, sannan a kaɗa ƙuri'a ko a nemi amincewa, domin mutane su amince da lafazin da suka ji da kunnensu. Bayan an gama fassara, a ba wani mutum dabam wanda bai ga rubutun Hausar ba ya dawo da matsayoyin kaɗai zuwa Hausa, a jera su kusa da na asali. A misalinmu, idan fassarar komawar ta fito da "ana gayyatar mambobi su ba da sefa dubu biyu cikin kwana goma sha biyar", an kama tarkon uku a layi ɗaya. Iyakar wannan gwaji ita ce ba ya gano duhun da ke cikin rubutun asali. Matsayarmu ba ta faɗi adadin tarar ba, kuma ba hurumin mai fassara ba ne ya cike giɓin da abin da ya tuna an faɗa. Ya mayar wa shugaba da sakatare, su kuma su kawo wa zama na gaba.

Saura tambayar wane rubutu za a bi idan saɓani ya ɓulla duk da haka. Yarjejeniyar birnin Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi, a sashenta na 33, ta ce idan an tabbatar da yarjejeniya cikin harsuna biyu ko fiye, kowane rubutu yana da ƙarfi daidai da ɗan'uwansa, sai dai idan an amince cewa ɗaya ne zai rinjaya. Ƙananan ƙungiyoyi ba sa ƙarƙashin wannan doka, amma zaɓin da ke gabansu iri ɗaya ne. Ga ƙungiya irin ta masu albasar nan, na fi ganin dacewar a rubuta a kundin tsarinta cewa harshen da aka yi taron da shi ne ke rinjaye, bisa sharaɗin cewa a zama na gaba a karanta matsayoyin da harsunan biyu, shugaba da sakatare su sa hannu a kan kowanne, kuma ba za a ci mamba tara ba a kan kuskuren da ya samo asali daga fassarar da ƙungiyar da kanta ta ba shi.