Daga 1992 zuwa teburin mai fotokofi: yadda aka yi hotonka ya ƙi karantuwa

Kwanakin nan a Yamai, duk fadar da ka zauna da ɗalibai ko masu haɗa dosiye, sai ka ji ana kuka ɗaya. Mutum ya ɗauki takarda hoto, ya ɗora ta a manhajar da ke ciro rubutu daga hoto ko mai bayanin abin da ke cikinsa, manhaja ta ce ba ta san wannan fayil ba. Wasu na cewa rezo ne. Wasu na cewa sai an biya kuɗi take karɓa. Akwai ma masu rantsuwa cewa wani sabon sharaɗi ne aka sako bana. Ni dai da na bi sawun abin, na tarar ya daɗe yana tafe.

Labarin na sigogin da ake ajiye hoto da su ne, kuma farkonsa sananne ne, ba sai an ja shi ba. GIF ya fito a 1987, kala 256 kawai yake ɗauka. JPEG ya zama ƙa'ida a 1992, shi ne ya sa hoton kyamara ya yi sauƙin aikawa, domin yana zubar da ƙananan bayanan da ido ba ya lura da su. PNG ya biyo baya a 1996, ba ya zubar da komai, shi ya sa ya fi dacewa da rubutu da hoton fuskar waya. TIFF kuwa tun 1986 yake, na injin sikan ne da gidajen ɗab'i, kuma fayil ɗaya na iya ɗaukar shafuka da yawa. A 2010 WebP ya shigo don shafukan intanet su rage nauyi. Shekara ashirin da wani abu, wanda ya ce hoto, JPEG yake nufi ko bai san sunan ba.

Inda hanya ta karkata shi ne watan Satumba na 2017, kuma a nan kusan ba wanda ya lura. A watan ne tsarin iOS 11 ya fito, wayoyin iPhone, daga iPhone 7 zuwa sama, suka koma ajiye hoto da sigar HEIC a maimakon JPEG. Dalilin mai kyau ne: hoto iri ɗaya, kyau iri ɗaya, amma nauyinsa ya kusa rabin na JPEG. Duk wanda wayarsa ta taɓa cika ranar biki ya san darajar wannan. Sai dai HEIC ba JPEG ne da aka sake wa suna ba. Akwati ne, mai suna HEIF, wanda aka kammala ƙa'idarsa a 2015, kuma abin da ke cikin akwatin an matse shi ne da dabarar matse bidiyo ta HEVC, wadda ta fito a 2013. Ita kuma wannan dabara tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka na masu ƙirƙira da yawa, akwai lasisi a kanta. JPEG da PNG kowa na iya rubuta manhajar buɗe su ba tare da wannan ɗawainiya ba. Saboda haka tarin kayan aikin da masu haɗa manhaja ke ɗauka kyauta su yi gini a kai, da yawansu ba su zo da mabuɗin HEIC ba, sai an ƙara shi daban. Da yawa daga cikin manhajojin karanta hoto da muke riƙe da su yau, a kan waɗannan tubalan aka ɗora su.

To me ya sa ba mu ji a jikinmu ba tun 2017? Na farko, wayoyin sun iso hannun yawancinmu a makare, ta kasuwar na hannu. Na biyu, kuma shi ne ya fi nauyi a ganina, akwai tafinta a tsakani da ba mu san da shi ba. Idan ka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar da kanta take mai da shi JPEG kafin ya tafi. Mai aikawa bai san HEIC ya ɗauka ba, mai karɓa bai san an juya ba. Shekaru aka yi a haka, kowa na ganin hoto hoto ne. Ga kuma kwamfuta, wadda a saitinta na asali ke ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga `IMG_0412` kawai, ba ka ga `.heic` ɗin da ke biye ba.

Asirin ya tonu ne lokacin da muka fara neman hoto ya yi aikin takarda. Mutane sun gane cewa WhatsApp na rage girman hoto, sai aka koya wa juna dabara: tura shi a matsayin "Document" don kada ya lalace. Shawara ce ta gaskiya. Amma idan asalin fayil ɗin ne ya tafi ta wannan hanya, ya tafi ba tafinta, HEIC ya isa a HEIC ɗinsa.

Na ga wannan a gabana da ɗan ƙanwata, ɗalibi a jami'a. Ya ari iPhone ɗin abokinsa ya ɗauki shafi 40 na darasi da aka buga da inji, yana so ya ciro rubutun ya gyara. Muka je wani shagon fotokofi a Wadata da yamma, fanka na juya iska mai zafi, mai shagon na cin gyaɗa yana danna linzami. Manhajar ta ƙi duka arba'in ɗin.

"Kawu, ai na ma sake masu suna, na sa `.jpg`, amma ta ƙi," in ji shi.

Na ce, "Ɗana, in ka rubuta gero a buhun dawa, ya zama gero?"

Manhaja ba suna kaɗai take dubawa ba, farkon cikin fayil take leƙawa. Kai ma kana iya leƙawa: buɗe fayil ɗin da Bloc-notes, ka dubi layin farko cikin tarkacen haruffan. In ka ga `ftypheic`, HEIC ne. In ka ga `PNG`, PNG ne. `RIFF` tare da `WEBP` na nufin WebP, shi kuma JPEG galibi za ka tsinci `JFIF` ko `Exif` a kusa da farko. Muka buɗe na yaron, ga `ftypheic` ɓaro-ɓaro.

Sai ya ce bari abokin ya sake turowa a matsayin hoto, tunda haka zai zo a JPEG. Ya zo kuwa, manhaja ta karɓa, amma rubutun da ta ciro ya cika da kuskure: wasulan Faransanci masu alama a ka sun rikice, ƙananan rubutun ƙasan shafi sun zama shirme. Lissafin a fili yake. Kyamarar ta ɗauki ɗigo 4032 a tsawo da 3024 a faɗi. Turawa ta yau da kullum ta rage tsawon zuwa wajen 1600. Takardar A4 tsawonta inci 11.7 ne, ka raba 1600 da shi, ka samu ɗigo kusan 137 a kowane inci, ko da takardar ta cika hoton baki da baki. Masu ciro rubutu kuwa 300 suke so, wato 2480 da 3508 a shafin A4. Asalin hoton ya kai wannan, wanda aka rage bai kai rabi ba. Fayil ya karɓu, rubutu ya tafi.

Abin da ya yi aiki shi ne juya asalin fayilolin a kwamfuta, ba tare da rage girmansu ba. Mai shagon yana da ImageMagick, manhajar juya hoto, irin wanda ke buɗe HEIC. Muka mai da wa fayilolin wutsiyarsu ta gaskiya, muka buga layi ɗaya a cikin jakar da suke:

```
magick mogrify -format jpg -quality 92 *.heic
```

Ba a jima ba JPEG 40 suka fito kusa da na asali, rubutu ya karantu tsaf. Kafin mu tashi na ce ya gaya wa abokinsa ya shiga Réglages, sai Appareil photo, sai Formats, ya zaɓi "Le plus compatible". Daga nan wayar JPEG za ta riƙa ɗauka, sai dai wuri zai fi saurin cika, kuma tsofaffin hotuna na nan yadda suke. Wasu wayoyin Samsung ma suna da zaɓin HEIF a saitin kyamara, in an kunna shi sai a kashe.

Wace manhaja ke karɓar me? A nan ne gardamar fada ke rikicewa, don kowa na faɗin gaskiyar tasa manhajar. A bayanan da aka rubuta wa masu haɗa manhaja, Claude, ɗaya daga cikin manhajojin AI masu bayanin hoto, na karɓar JPEG, PNG, GIF da WebP. Na OpenAI, masu ChatGPT, ma waɗannan huɗun ne, da sharaɗin GIF ɗin ba mai motsi ba ne. Gemini, na kamfanin Google, na karɓar JPEG, PNG da WebP, har da HEIC da HEIF. Tesseract, tsohon injin ciro rubutu na kyauta, yana son TIFF da PNG da JPEG da BMP, amma ba ya buɗe PDF kai tsaye, ba ya buɗe HEIC. Wani lokaci manhajar cikin waya takan juya hoton da kanta kafin ta aika, shi ya sa abu ke wucewa a waya ya ƙi a kwamfutar shago. Jerin nan yana canzawa, amma biyun da ke cikin kowanne su ne JPEG da PNG. Hoton kyamara, JPEG. Hoton fuskar waya ko shafin sikan mai tsantsar rubutu, PNG, domin JPEG kan bar ɗan dishi-dishi a gefen haruffa.

Sauran kuwa hanyarsu ɗaya ce, a juya. TIFF mai shafuka da yawa daga injin sikan shi ne mai yaudara: wata manhaja ta karɓa, ta karanta shafin farko kaɗai, ta yi shiru. In ka ba da shafi 12 rubutu ya fito ɗan kaɗan, ka zargi wannan. A rarraba shi shafi-shafi da ImageMagick, haka ma PDF ga manhajar da ba ta cin sa, shi kuma da wata manhaja daban mai suna pdftoppm:

```
magick takarda.tif shafi-%02d.png
pdftoppm -r 300 -png takarda.pdf shafi
```

AVIF, wanda ya fito a 2019 kuma yakan zo da hotunan da aka sauke daga intanet, shi ma a mai da shi PNG ko JPEG. Ɗaukar hoton fuskar waya yana fitarwa in ana sauri, amma girman fuskar wayar kawai za ka samu, ba zai wadatar da cikakken shafi mai ƙananan haruffa ba.

Abu ɗaya ke damuna ƙwarai. Da fayil ya ƙi, sai yara su ruga shafukan intanet masu juya hoto kyauta, su ɗora katin shaida, takardar haihuwa, sakamakon asibiti. Ba ka san inda kwafin ke kwana ba, kuma hoton waya kan ɗauke da ranar ɗauka, har da wurin da aka ɗauka in an bar hakan a kunne. Darasin makaranta, babu laifi. Takardar da ke ɗauke da sunanka da lambarka, a juya ta a cikin waya ko a kwamfutar da ka yarda da ita, in kuma ta shago ce, ka tsaya a goge kwafin a gabanka kafin ka biya ka fita.