Waken da ba na miya ba: yadda karatun Hausa ke bin yaro zuwa Turanci

A zagayen da nake yi na wayar da kan iyaye da malamai a ƙauyukan Jigawa, koken da na fi ji shi ne cewa shekarun da yara suke kwashewa suna karatu da Hausa asara ce, domin da zarar sun shiga aji huɗu, inda tsohon tsarin da aka bi shekara da shekaru ya ce a koma koyarwa da Turanci, sai a ga kamar ba su taɓa riƙe littafi ba. Ban ga laifin mai wannan koke ba, tun da abin da idonsa ya gani yake faɗa. Amma abin da ke faruwa a kan yaron ya bambanta da abin da ake gani daga waje, kuma zan nuna hakan da abin da na shaida a wata firamare da ba zan ambaci sunanta ba.

Malamin aji huɗu ya rubuta jimla a allo, I wake at six, ya kira wata yarinya ta karanta. Ta miƙe, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma ta biyu, ta raba ta gaɓa biyu, ta furta ta kamar waken da ake dafawa da shinkafa. Ajin ya fashe da dariya, malam ya ce ta zauna, ya faɗi jimlar daidai, yara suka maimaita sau biyar da babbar murya, aka wuce. Da aka tashi na roƙi malam ya ba ni ita na ɗan lokaci, na miƙa mata wani gajeren labari na Hausa, sai ga shi ta karanta shi tiryan-tiryan, har ta koma baya da kanta ta gyara wata kalma da ta ji ba ta zauna a jimlar ba. Na ce masa: “Malam, wannan yarinya ta iya karatu. Ba a dai gaya mata inda dokar ta sauya ba.”

Abin da ta yi a gaban allo shi ne ainihin abin da aka koya mata shekara uku: ta dubi baƙi, ta haɗa shi da wasali, ta fitar da gaɓa, ta haɗa gaɓoɓi su zama kalma. Wannan haɗawa ita ce wahalar karatu mafi girma, kuma sau ɗaya ake koyon ta a rayuwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san haka ko da bai taɓa faɗa ba, domin almajirin da ya wuce babbaƙu da farfaru, idan aka kawo shi boko, ba ya buƙatar a fahimtar da shi cewa alamar da ke kan takarda sauti take wakilta. Sababbin alamomin kawai zai koya, da kuma farawa daga hagu. Masanin ilimi Jim Cummins ya yi bayanin wannan tun 1979, cewa ƙwarewar karatu da yaro ya samu a harshe ɗaya tana zama masa jari a harshe na biyu, muddin ana koya masa harshen na biyun sosai. A ƙasar nan ma an gwada, domin a shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, yaran da aka koyar da Yarabanci, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Yaron da ya iya karatun Hausa yana shiga Turanci da yawancin baƙaƙen a hannunsa. Sautin b, d, h, j, k, l, m, n, t, w, z da sh kusan ɗaya ne a harsunan biyu, saboda haka malamin da ya kwashe zango guda yana sa irin wannan yaro rera sunayen haruffa daga farko ɓata masa lokaci yake yi. Wuraren da ake tuntuɓe kaɗan ne, kuma ana iya sanin su tun kafin yaro ya faɗa ciki. Harafin c, wanda a Hausa yake da sauti ɗaya tak kamar a ciki da cokali, a Turanci yana fita kamar k a cat, ya fita kamar s a rice. Hausa ba ta da p da v a rubutunta, shi ya sa muka ce fensir da firamare, kuma shi ya sa yaro zai karanta pan da fan iri ɗaya. Haka kuma gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu masu sauti daban a jere, don haka bakinmu ke cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka yi a burodi da buroshi. Yaron da ya ga stop zai so ya ce sitof.

Babban ramin dai wasula ne. A Hausa wasula biyar ne a rubuce, kuma in ban da tsawo da gajarta, kowanne yana riƙe da sautinsa duk inda ya je, ba kuma a rubuta harafin da ba a furtawa. Turanci yana da haruffa 26 da sautuka kimanin 44, kuma kusan rabin sautukan nan wasula ne da ake rubutawa da waɗannan haruffa biyar, wani lokaci a haɗe, wani lokaci da taimakon wasu. Abin da ya kayar da yarinyar nan shi ne e na ƙarshen kalma, wanda ba a furta shi, aikinsa kawai ya sauya wasalin da ke gabansa. Abin ya fi yi wa Bahaushe tarko saboda kalmomi da yawa masu wannan siffa suna kama da kalmominmu harafi da harafi: wake, rake, fate, dare, take, same. Yaro ya ga abin da ya sani, ya karanta shi yadda ya sani, ba shi da dalilin zargin komai.

Ga yadda muka yi da malamin washegari, cikin kimanin minti goma sha biyar. Ya rubuta wake a allo, ya zana ƙwayar wake a gefen dama, ya sa yara suka karanta da Hausa, ya tabbatar musu cewa sun yi daidai. Sannan ya ce musu da Hausa cewa a littafin Turanci wannan e na ƙarshe bebe ne, ba ya magana, sai dai ya sa wasalin da ke gabansa ya faɗi sunansa na Turanci. Ya rubuta mad, suka karanta, ya ƙara e ta zama made. Ya yi haka da bit da bite, da not da note. Kowace kalma sai da ya faɗi ma'anarta da Hausa kafin a wuce. Da ya dawo kan jimlar jiya, yarinyar ta ɗan yi jim, ta rufe e da yatsa, ta fitar da kalmar daidai, kuma da aka tambaye ta ma'ana ta ce farkawa daga barci. Na gargaɗi malam kada ya ce musu dokar ba ta karyewa, domin have da give da come suna nan tafe a shafi na gaba, kuma irin waɗannan sai dai a koyar da su ɗaya bayan ɗaya, a gane su da ido.

Furuci rabin aikin ne kawai, kuma a nan ne malamai masu himma suke ruɗuwa. Yaron da ya ƙware a haɗa sauti yana iya karanta shafin Turanci da murya mai daɗi alhali bai san abin da ya faɗa ba. Idan ya haɗa gaɓoɓin kalmar Hausa, ma'ana tana zuwa da kanta domin ya san kalmar tun yana goye. Idan ya haɗa na Turanci, babu abin da ke jiran sa a can. Saboda haka dabarar da yarinyar nan ta nuna a labarin Hausa, wato tsayawa idan magana ba ta zauna ba da komawa baya a gyara, ita ce ta fi saurin ɓacewa, domin yaron da ya saba cewa Turanci ba ya ba da ma'ana ba zai ji lokacin da ma'anar ta kuɓuce ba. Dabarar kuma ba ta ƙaura daga Hausa zuwa Turanci da kanta. Dole malam ya fara yin ta a labarin Hausa, ya ba ta suna da yara za su riƙe, kamar “tsaya ka koma”, sannan a ranar ya buɗe na Turanci ya ce abin da muka yi ɗazu shi za mu yi yanzu. Kafin a buɗe shafin, a zaɓi kalmomi huɗu ko biyar da labarin ya rataya a kansu, a koyar da su da baki, da hoto ko da abin a hannu. Idan kuwa a kowace kalma ashirin waɗanda yaro bai sani ba sun fi ɗaya ko biyu, shafin ya fi ƙarfinsa, kuma babu dabarar da za ta cece shi sai a sauko masa da mai sauƙi.

Gane inda matsalar yaro take ba ya buƙatar kayan aiki. A ba shi layi biyar na Hausa da bai taɓa gani ba. Idan ya kasa, to babu abin da zai ƙaura tukuna, kuma a nan za a fara, ko da yana aji biyar. Idan ya karanta, a ba shi layi uku na Turanci, a nuna masa kalma daga tsakiya ba bisa jeri ba, domin mai hadda a nan asirinsa ke tonuwa. Idan kurakuransa irin na wake ne da sitof, dokokin sauti yake buƙata. Idan ya furta daidai, a ce ya ba da labarin da Hausa. In ya yi shiru, kalmomi ne ba shi da su. Amsawa da Hausa a darasin Turanci ba laifi ba ne a wannan mataki, ita ce hanyar da malam zai san ko an fahimta. Sai dai a lura da yaran rugage da ke tashi da Fulatanci, waɗanda Hausar ma harshe na biyu ce gare su, kada a ɗauki shirunsu a matsayin rashin fahimtar Turanci kaɗai.

Iyaye kan ce mini su ba su yi boko ba, ina ruwansu da wannan. Uwar da ke tankaɗe da yamma tana iya sa ɗanta ya zauna kusa da ita ya karanta mata shafin da aka yi a makaranta, na Hausa ko na Turanci, sannan ta tambaye shi da Hausa wa aka ambata, me ya yi, kuma me yake jin zai biyo baya. Idan ya ce bai sani ba, ta ce ya koma ya sake dubawa, in ya nuna kalmar da ta tsaya masa, ya ja mata layi da fensir ya kai wa malam da safe.