Wa'adin jiran saƙo a saba idan waya ba ta kan layi

Wa'adin jiran saƙo shi ne tsawon lokacin da saba, wato babbar kwamfutar kamfanin sadarwa, take riƙe saƙon da aka aika wa wayar da ke kashe ko wadda ba ta da rezo, kafin ta haƙura ta goge shi. Kowane tsari da nasa wa'adin. WhatsApp yana ajiye saƙon da bai isa ba har zuwa kwana 30. Saƙon SMS bai cika wuce ƴan kwanaki ba, kuma kamfanin layi ne ke yanke iyakarsa. A jihar Maradi, inda mutum kan yi makonni a daji ko a ƙauyen da rezo bai kai ba, wannan wa'adi ne ke raba saƙon da zai iske shi idan ya dawo da wanda ba zai taɓa gani ba.

## Yadda ajiyar take

Saƙo ba ya tashi daga waya ya faɗa wata waya kai tsaye. Saba ce ke fara karɓarsa, ta nemi wayar mai karɓa, idan ta same ta sai ta miƙa. Idan ba ta same ta ba, sai ta jera saƙon cikin masu jira. Ana ƙirga wa'adin ne daga lokacin da saba ta karɓi saƙon. Ranar da wayar ta mutu ba ta cikin lissafi, don haka kowane saƙo da ranar ƙarewarsa, ko da duk mutum ɗaya aka aika wa.

## WhatsApp

Dokar kare sirrin masu amfani ta WhatsApp ta ce idan saƙo bai samu isa nan take ba, kamfanin yana ajiye shi a rufe har zuwa kwana 30 yana ƙoƙarin isar da shi, idan ya ƙi sai a goge. Wanda ya isa kuwa ana cire shi daga saba da zarar ya shiga waya. Dalili shi ne an gina manhajar ta yadda tarihin hira yake zaune a wayoyin masu hirar, saba masinja ce kawai. Saƙon ma a kulle yake da mabuɗin da ke wayar mai karɓa, kamfanin kansa ba ya iya karanta abin da yake riƙe.

Alamomin da ke gefen saƙo suna nuna inda ya tsaya. Ɗan agogo na nufin saƙon bai bar wayar mai aikawa ba, galibi don megansa ya ƙare ko rezonsa ya yi rauni, kuma a wannan hali ba a fara ƙirga kwana 30 ba tukuna. Maki ɗaya mai ruwan toka na nufin saba ta karɓa tana jira. Maki biyu na nufin ya isa wayar mai karɓa ko wata na'ura da ya haɗa da asusunsa. Idan sun koma shuɗi, an buɗe.

Inda tsarin ya gaza shi ne bayan wa'adin ya cika. Mai aikawa yana ci gaba da ganin saƙonsa cikin hira da makinsa ɗaya, kamar yadda yake tun ranar farko, domin kwafin da ke wayarsa ba ya gogewa. Mai karɓa kuma ba shi da hanyar sanin an taɓa aiko masa wani abu. Haka mutum biyu za su yi ta musu, wannan ya rantse ya aika, wancan ya rantse bai gani ba, kuma kowa gaskiya yake faɗa. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce duba kwanan wata: saƙon da ya haura wata guda da maki ɗaya a ɗauke shi a matsayin wanda ya mutu, a sake turawa.

Maki ɗaya ba kullum yake nufin waya na kashe ba. Wanda aka toshe ma maki ɗaya yake gani, kuma saƙonnin da ya aika a lokacin toshewar ba sa isa ko da an buɗe shi daga baya. A guruf kuwa maki na biyu ba ya fitowa sai saƙon ya isa ga kowa, don haka mutum ɗaya da wayarsa ta lalace ya isa ya riƙe makin guruf gaba ɗaya. Danna saƙon a buɗe bayaninsa yana nuna waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka rage.

## Misali daga Maradi

A ɗauka wani ɗan kasuwa a babbar kasuwar Maradi yana da ƙane da ya tafi da dabbobi arewacin Dakoro da damina. Wayar ƙanen ta rabu da intanet ranar 1 ga Yuni, ba ta sake hawa ba sai ranar 10 ga Yuli da ya shigo gari ya yi caji ya sayi mega. A tsakani yayan ya aika masa saƙon murya uku ta WhatsApp: ɗaya ranar 3 ga Yuni kan kuɗin da wani ya biya, ɗaya ranar 15 ga Yuni kan farashin gero, ɗaya ranar 5 ga Yuli kan ranar suna.

Saƙon 3 ga Yuni wa'adinsa ya cika ranar 3 ga Yuli, mako guda kafin wayar ta dawo, don haka an goge shi. Na 15 ga Yuni yana da sauran kwana biyar, zai shigo. Na 5 ga Yuli ma zai shigo. Hanyar lissafin ita ce a koma baya kwana 30 daga ranar da wayar ta dawo, a nan 10 ga Yuni: abin da aka aika kafin wannan rana ya tafi, na bayanta yana nan.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙanen zai ga saƙonni suna ta shigowa, wayar na ta ƙara, sai ya ɗauka komai ya iso. Ba abin da zai nuna masa akwai giɓi. Yayan ne kaɗai ke iya ganewa, idan ya koma sama cikin hirar ya ga saƙonnin baya-bayan nan sun samu maki biyu amma na 3 ga Yuni yana nan da ɗaya. Shi ya kamata ya sake turawa, kuma saƙon kuɗin ne, wanda ya fi sauran muhimmanci.

Akwai wasu wa'adi biyu da ke tafiya tare da wannan. Idan babbar waya ta wuce kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, na'urorin da aka haɗa da ita, kamar kwamfutar shago, suna fita daga asusun da kansu. Idan kuma asusu ya kai kwana 120 bai hau intanet ba, WhatsApp kan goge shi ɗungurungum. Wanda zai yi doguwar tafiya, hawa ɗaya cikin kowane mako uku ko huɗu ya ishe shi kwashe saƙonninsa kafin su mutu.

## SMS

SMS ya girmi WhatsApp nesa ba kusa ba, an aika na farko a watan Disamba 1992. Cibiyar da ke riƙe shi ana kiranta SMSC, kuma a tsarin asali ta kamfanin mai aikawa ce. Idan ta nemi layin mai karɓa ta tarar a kashe, sai a sa alama a rajistar kamfaninsa cewa akwai saƙo na jira. Da zarar sim ɗin ya sake kama rezo, rajistar ta sanar da cibiyar, ita kuma ta sake turowa. Shi ya sa saƙonni ke zubowa a jere jim kaɗan bayan an kunna waya.

Ƙa'idar GSM ta ba kowane saƙo gurbin da ake rubuta wa'adinsa da lamba daga 0 zuwa 255. Lamba 0 minti biyar ce, 167 awa 24 ce, 255 kuma mako 63. Masu aika saƙo ta modem suna saita shi da umarni irin wannan, inda lamba ta biyu ita ce wa'adin:

```
AT+CSMP=17,167,0,0
```

Amma wannan roƙo ne kawai. Kamfani yana da tasa iyakar, kuma idan abin da waya ta nema ya wuce ta, iyakar kamfani ce ke aiki. Kamfanonin layi na Nijar, irin su Airtel da Moov Africa, kowanne shi ke saita cibiyarsa, kuma a harkar sadarwa gaba ɗaya abin da aka saba shi ne ƴan kwanaki. A misalin da ya gabata, da yayan ya haɗa da SMS ranar 3 ga Yuni, a ce wa'adin kwana uku ne, da ya mutu tun ranar 6 ga wata. SMS dai yana da abin da ya fi WhatsApp da shi: wanda ya kunna rahoton isarwa a wayarsa yakan samu sanarwa cewa saƙon bai isa ba.

Lambobin sirri da banki ko manhaja ke aikowa don tabbatar da mutum ba sa amfana da wannan jira. Lambar kanta mintuna kaɗan take yi ta daina aiki, ko da saƙon ya iso daga baya ba ta da amfani sai an nemi sabuwa.

## Masu ƙetare iyaka

Ga masu bin hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, bambancin tsarin biyu ya fi fitowa fili. SMS sim yake bi. WhatsApp kuwa wayar da aka yi rajistar asusun a kanta yake bi, ta kowace hanya ta samu intanet. Ɗan kasuwar da ya cire sim ɗinsa na Nijar ya sa na Najeriya zai ci gaba da karɓar saƙonnin WhatsApp da ake aika wa lambarsa mai +227, muddin bai sauya lambar asusun ba. Amma duk SMS da aka aika wa sim ɗin da ke cikin aljihunsa yana can cibiya yana cin wa'adinsa, kuma idan tafiyar ta kai mako biyu da wuya ya tarar da na farkon tafiyar. Waya mai sim biyu tana rage matsalar, in dai layin Nijar ɗin yana kama rezo a can.

## Sauran tsare-tsare

Telegram yana ajiye hirarraki na yau da kullum a sabarsa ne dindindin, don haka saƙo yana jira muddin asusun na raye. Imel ma haka yake idan ya riga ya shiga akwatin mai karɓa, kashe waya ba ya taɓa shi. Jiran imel yana faruwa ne tsakanin saba da saba: idan ta mai karɓa ta faɗi, ta mai aikawa kan yi ta gwadawa kwana huɗu zuwa biyar, kamar yadda ƙa'idar aika imel ta SMTP ta ba da shawara, sannan ta mayar wa mai aikawa da sanarwar gazawa. Sanarwar da manhajoji ke turowa saman allon wayoyin Android ta hanyar Google kuwa mafi tsawon jiranta kwana 28 ne, kuma mai manhaja yana iya rage shi zuwa mintuna ko daƙiƙu.