Ma'anar kabitasiyon da NPSH a bakin injin ban-ruwa

Injin ban-ruwa ba ya tsotso ruwa da ƙarfin kansa. Farfelar da ke cikinsa tana rage matsi ne a bakin shiga, sai nauyin iskar da ke danne kogi ya turo ruwan cikin tiyo. A garin Garwa na Kamaru wannan nauyi bai wuce abin da zai ɗaga ruwa mita 10.1 ba, kuma komai girman inji ba zai ƙara ko taƙi ɗaya a kai ba.

Idan matsin da ya rage a bakin farfela ya yi ƙasa ƙwarai, ruwa yakan tafasa ko da da sanyinsa. Ƙananan kumfa na tururi su fito, farfela ta kwashe su zuwa inda matsi ya ƙaru, su fashe da ƙarfi a jikin ƙarfe. Wannan shi ne kabitasiyon. Za ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a cikin famfo, injin yana karkarwa, ruwan fita ya ragu. In aka buɗe bayan wani lokaci, sai a tarar da ƙananan ramuka a fukafukan farfela kusa da tsakiya.

NPSHa kuwa shi ne rarar matsin da ruwa ya iso da ita bakin famfo, sama da matsin da zai sa shi tafasa. Da mita ake auna shi, wasu takardun Faransanci kuma NPSHd suke rubutawa.

```
NPSHa = Ha − Hv − Hs − Hf
```

Ha nauyin iska ne, Hv matsin tururin ruwa, Hs tsayi daga saman ruwa zuwa tsakiyar famfo, Hf kuma abin da gogayya ta cinye a tiyo da rariya da bawul.

Mu ɗauki mai lambun albasa a gaɓar Binuwai, da inji mai bakin inci 3 yana ba da kubik mita 30 a awa. A watan Disamba injin yana mita 3 sama da ruwa. Ko ruwan ya kai digiri 30 na zafi, Hv wajen mita 0.4 ne kawai. Tiyo mai tsawon mita 10 da bawul ɗinsa sukan ci kamar mita 1.4. A cire duka daga 10.1, saura 5.3. A ce takardar masu ƙera injin ta nuna yana bukatar mita 3.5 a wannan gudu, wato NPSHr ɗinsa. Akwai rara, injin yana aiki lafiya lau.

Zuwa Afrilu kogi ya ja baya, injin yana nan inda aka girke shi. Tsayi ya koma mita 5.5, an ƙara tiyo har gogayya ta kai 1.6, ruwan ya yi ɗumi zuwa digiri 35, Hv ya zama 0.6. Saura 2.4 ke nan, ƙasa da 3.5. Mai lambu zai ce injin ya tsufa, alhali ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba. Zafin da ake yawan zargi mita 0.2 kawai ya ci, tsayi ne ya yi ɓarna.

Mafi muni shi ne a ɗaura tiyon inci 2 don ya fi araha. A wannan gudu gogayya za ta kusa mita 8, ko a Disamba ba zai yi ba. Rubutun nan na tsayin tsotso mita 7 ko 8 da ake gani a jikin kwalin inji ma kada ya ruɗe ka, iyaka ce da inji yake kaiwa lokacin da ruwan da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Haka NPSHr: ana auna shi ne a inda ƙarfin tura ruwa ya riga ya faɗi da kashi 3 cikin ɗari, shi ya sa ake barin rarar rabin mita zuwa mita 1 a kansa.

Iskar da ke shiga ta mahaɗar tiyo ma tana kawo irin wannan ƙara. Don a bambance, a ɗan rufe bawul na wajen fita, ko a rage wutar injin. In ƙarar ta lafa, kabitasiyon ne, domin bukatar famfo tana raguwa idan gudu ya ragu. In ba ta lafa ba, a duba ɗaurin tiyo. Kada dai a taɓa matse wajen shiga, ƙara matsalar yake yi.

Ga mai lambun nan, ya haƙa wa injin mazauni a gangaren gaɓa, ya sauko da shi mita 2, ya yanke tiyon da ya yi saura, ya wanke rariya daga ciyawa da leda. NPSHa zai koma wajen 4.5. Wanda ke Ngaundere, mai tsayin kusan mita 1,100 sama da teku, daga 9.1 zai fara lissafinsa, domin nauyin iska ya fi ƙaranci a kan tudu.