Waƙa a taron da ya haɗa kowa: tambayoyin wani mawaƙi daga Mil 12

Tambaya: Malam, shugaban 'yan gwari na layinmu a kasuwar Mil 12 da ke Legas zai aurar da 'yarsa, an ce in yi waƙa. Shi ɗan Tijjaniyya ne, dangin ango 'yan Izala, ga abokan ciniki Kiristoci daga Filato da Yarabawa. Ta ina zan fara?

Amsa: Fara da gyara mabuɗin waƙar, ɗan'uwa, domin a nan aka fi samun matsala. Mawaƙi yakan buɗe da abin da ya saba ji a zawiyarsu ko masallacinsu, bai ma san ya ɗauki ɓangare ba. A ce ka rubuta:

Ya Shehu Barhama, kawo mana agaji,
Mu ne bisa hanya, saura suna daji.

Uban amarya zai ji daɗin layin farko, amma a wurin dangin ango kiran wanin Allah don neman agaji shi ne ainihin abin da Izala take yaƙa tun kafuwarta a Jos a 1978. Layi na biyu ya fi muni, don ya kori kowa daga hanya sai ku. Sai ka mayar da shi haka:

Ya Rabbana Sarki, kawo mana agaji,
Taron ga na alheri, tsare shi, Ubangiji.

Amsa-amon bai canja ba, kuma babu wanda zai ƙi cewa amin. Kiristan da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, Allah da Ubangiji yake gani a ciki, don haka shi ma roƙon nasa ne.

Tambaya: To in bar salatin Annabi ke nan saboda Kiristoci?

Amsa: A'a. Auren Musulmi aka gayyace su, sun san za su ji salati, kuma wanda ya yi shekaru yana sauke tumatir tare da ku ba baƙon jin sa ba ne. Abin da ke ɓata rai shi ne gugar zana: ka yabi naka ta hanyar rushe na wani, kamar ka sako maganar gicciye ko ta ɗan Allah a inda babu dalilinta. A ɓangaren Musulmi kuma, ka tsaya kan lafazin da aka haɗu a kai, wato tsira da aminci ga Manzo da alayensa da sahabbansa. Kada ka ɗauko Salatil Fatihi a nan, kuma kada ka shiga fifita wani sahabi a kan wani, don da wuya a rasa ɗan Shi'a a taron kasuwa.

Tambaya: Waɗanne kalmomi zan cire gaba ɗaya?

Amsa: Arne, kafiri, 'yan bidi'a, Wahabiyawa, Rafilawa. Kada ka ce ai Bayarabe ba ya jin Hausa. Kafiri dai yana cikin harshensa, kuma a gidajen Yarabawa da yawa yaya Musulmi ne, ƙane Kirista, ka taɓa ɗaya ka taɓa biyu. Ka kira kowa da sunan da yake kiran kansa.

Amma waɗannan masu sauƙin ganewa ne. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne habaici da siffa: ɗangalallen wando, dogon gemu, jan carbi, bandiri, ƙabalu da sadalu. Mawaƙi yakan ɗauka raha ce, irin wadda ake yi tsakanin Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari. Waccan wasa ce da aka gada, ɓangarorin biyu sun yarda da ita. Tsakanin aƙidu babu irin wannan yarjejeniya. In kana son dariya, ga ango nan da rowarsa, ga abokansa tuzurai.

Tambaya: Uban amarya ya ce lallai in ambaci Shehunsa. Yaya zan yi?

Amsa: Ka ambace shi a matsayin siffar mai gida: Alhaji masoyin Shehu Ibrahim Inyass, mai ciyar da almajirai. Wannan labarin mutum ne, ba wanda zai musa. Kuma ka ajiye shi cikin baiti, kada ya shiga amshi, saboda amshi kowa ake so ya maimaita, kuma ba daidai ba ne ka sa wa mutum a baki abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba.

Tambaya: Ta yaya zan gane na yi kuskure kafin ranar?

Amsa: Rera ta, ba karantawa ba, ga mutum ɗaya daga dangin ango da Kirista ɗaya daga abokan cinikin, kowa shi kaɗai, ka tambaye shi wane layi ne ba zai so ɗansa ya maimaita ba. A wurin biki kuwa, in ka ga amshi yana tashi daga gefe ɗaya na rumfa kawai, ko liƙi ya tsaya daga wani ɓangare, to ka tsallake baitin da ke biye ka koma yabon amarya. Ka kuma tuna wayoyi suna ɗauka, kuma kafin motar albasa ta juya Arewa waƙarka ta riga ta isa. A 2020 wata kotun shari'a a Kano ta yanke wa wani matashin mawaƙi hukuncin kisa kan waƙar da ta yaɗu ta waya. Duk baitin da sai ka tsaya ka yi bayanin nufinka da shi, cire shi tun a takarda.