Ya Ce Abincinmu Ne Ya Ɓata Masa Ciki

Ina da gidan abinci. Wani mai ciniki da mu ya shigo yana ta faɗa a gaban jama'a, wai shinkafarmu ce ta sa shi amai da gudawa. Me zan fara yi?

Hajiya, ki fara da abin da ake yi wa kowane mara lafiya: "Sannu Alhaji, ya jikin? Allah ya sawwaƙe." Sai ki ja shi gefe, ki ba shi kujera, ki bar shi ya faɗi abin da ke cikinsa har ya ƙare. Ke da kanki za ki saurare shi, kada ki bar shi da yaran da ke zuba abinci, domin su da an taɓa su sai su rama, faɗan kuma ya koma na zagi.

Kalma biyu ce za ki kiyaye a wannan zama. Kada ki ce "ba abincinmu ba ne", don ba ki bincika ba tukuna, shi kuma zai ji kamar kin ƙaryata shi. Kada kuma ki ce "laifinmu ne" saboda kawai ki kashe wutar, don maganar za ta bi ki har gaban hukuma idan abin ya kai can. Abin da ya fi shi ne ki ce: "Raina bai ji daɗin abin da ya same ka ba. Ka ba ni bayani, yau ɗin nan zan bincika, gobe da safe zan kira ka." Ki karɓi lambarsa, ki kuma kira ɗin.

Wane bayani zan nema daga wurinsa?

Ki ɗauko takarda ki rubuta a gabansa, rubutun kansa yana kwantar da rai. Me ya ci, ƙarfe nawa? A nan ya ci ko tafiya ya yi da shi a leda, in kuwa tafiya ya yi da shi, yaushe ya buɗe? Ƙarfe nawa ciwon ya fara, kuma da me ya fara, amai ko gudawa? Akwai zazzaɓi? Wa ya ci tare da shi, lafiyarsa ƙalau? Sai ki tambaya a hankali me ya ci ko ya sha a wasu wurare cikin kwana 3 da suka wuce, ki nuna masa cewa likita ma zai yi wannan tambayar.

Kafin komai ki dubi jikinsa. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman ya hana shi riƙe ruwa, ko fitsari ya ɗauke, to magana ta ƙare, asibiti za a nufa. Haka in ƙaramin yaro ne, ko tsoho, ko mai juna biyu. Gudawa tsararo mai kama da ruwan wankin shinkafa alamar kwalara ce, ba a jira da ita. Kafin a isa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma kada ki ba shi ƙwayar magani daga jakarki, wannan aikin likita ne.

To ta yaya zan gane ko da gaske daga wurinmu ne?

Tazarar da ke tsakanin cin abincin da farawar ciwon ita ce babbar shaida. Mutum yakan ɗora laifi a kan abincin da ya ci a ƙarshe, alhali ƙwayoyin cuta da yawa sai sun kwana biyu a ciki kafin su nuna kansu. Salmonella, wadda ake samu a kaza da ƙwai da ba su dahu ba, tana ɗaukar awa 6 har zuwa kwana 6. Taifot kuwa mako 1 zuwa 3 takan yi. Wanda ya ci tuwonki jiya, yau aka ce masa taifot ce, ba a tuwon jiya ya ɗauko ta ba.

Amma akwai waɗanda ke kamawa da wuri, kuma su ne ya kamata su tayar miki da hankali. Ɗauki misali: an dafa dafa-duka ƙarfe 12 na rana, aka juye a kula. Da la'asar ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, da magariba aka sake ɗumamawa. Mutumin ya ci ƙarfe 8 na dare, ƙarfe 11 ya fara kwara amai, babu zazzaɓi, da gari ya waye ya ji dama-dama. Wannan hoton ƙwayar Bacillus cereus ne sak. Tana nan a ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta, kuma da shinkafar ta huce sai ta hayayyafa ta zubar da guba wadda ɗumame ba ya karyawa. Shinkafar ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba, shi ya sa "ai na ɗanɗana, lafiyarta lau" ba hujja ba ce. In kuwa murɗawar ciki da gudawa ne suka zo bayan awa 6 zuwa 24, ki dubi babbar tukunyar miyar nama ko farfesun da ya kwana bai huce da wuri ba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai: ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a firiji ƙasa da digiri 5. Ki tambayi masu girki yaushe aka sauke, ko an ɗauke wuta firiji ya tsaya, ko akwai mai gudawa ko mai ƙurji a hannu a cikinsu. In akwai ragowar abincin, kada a sayar, kada kuma a zubar. A ƙulle shi, a rubuta ranar, a sa a firiji can gefe.

Sannan ki ƙirga faranti nawa aka zuba daga tukunyar. Mutum ɗaya cikin masu yawa bai wanke ki ba, tunda ba kowa ke dawowa ya faɗa ba. Amma mutum biyu da ba su san juna ba su zo da ƙorafi iri ɗaya a kan abinci ɗaya, ki dakatar da sayar da shi nan take, ki sanar da duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukumarku. Gara su ji daga bakinki.

Ya ce sai na biya shi kuɗin asibiti, in ba haka ba zai tona mana asiri a Facebook. In biya?

Kuɗin farantin da ya ci, ni a ganina ki mayar masa ko da binciken bai nuna komai ba, ki ce kyautatawa ce ga abokin ciniki. Kuɗin asibiti kuwa sai da takarda: rasit da bayanin likita. In lokacin da alamomin sun dace da abin da kika gano a kicin, ki biya ba tare da jan rai ba, a gaban shaida, a rubuta adadin kowa ya sa hannu. In bai je asibiti ba, ba ya son zuwa, sai dai ya yanke wani adadi yana barazana, kada ki ba shi kuɗin toshiyar baki, gobe ma zai dawo. Ki ajiye saƙonninsa. In ya yi rubutun, ki amsa sau ɗaya da layi biyu, cewa kun ji ƙorafin, kun bincika, ƙofarku a buɗe take. Kada ki fallasa ciwonsa ko sunansa, kuma ki hana yaranki shiga ƙarƙashin rubutun su yi ta mayar da martani.